Bayanin Hoton Mutum Shida: Yadda Za a Hana Mai Zane Cakuɗa Su

Hoton mutum ɗaya ba ya ba mai zane wahala. In an ce masa dattijo ne mai furfura da tabarau, babu wani a wurin da zai karɓi furfurar sai shi. Daga mutum na biyu rikici yake farawa, kuma kafin a kai shida sai ka ga tabaran kawu a fuskar ango, ƙunshin amarya a hannun namiji, 'yan'uwa mata biyu sun fito da fuska ɗaya kamar tagwaye, ko ma an ba da hoton mutum shida aiki ya dawo da biyar. Wannan yana faruwa ga mai zane da fensir, yana faruwa ga mai haɗa hoto a kwamfuta, ya fi kuma tsanani a manhajojin da ke zana hoto daga rubutu.

Mutane da yawa suna ganin tunda an tura hoton, rubutu ya zama ƙari. Ba haka ba ne. Kai da ka san iyalin kana ganin abin da hoton bai nuna ba. Ka san wacce ce yaya wacce ce ƙanwa, ka san kawu bai kai ango tsawo ba hula ce ta ɗaga shi, ka san hannun da ya leƙo a kan kujera na wane ne. Mai zane bai san ko ɗaya ba, abin da ke gabansa fuskoki ne ƙanana da yadi ya haɗu da yadi. In kuma ta WhatsApp aka tura hoton kamar yadda aka saba, an riga an matse shi an rage masa girma, har aikin hula da zanen atamfa sun dushe. Shi ya sa ake tura shi ta hanyar Document, don ya isa da ainihin girmansa.

Cakuɗa mutane a wuri biyu take aukuwa: inda mutum biyu suka yi tarayya a kalma ɗaya cikin bayani, da inda jikinsu ko tufafinsu suka taɓa juna cikin hoto. Duk aikin mai bayani shi ne ya nemo waɗannan wuraren ya raba su.

A ɗauka an yi hoto ranar walima a tsakar gida, ana so a mayar da shi babban zane da za a rataya a falo. Mutum shida ne. Huɗu suna tsaye a baya: kawun ango, ango, amarya da yayar amarya. A gabansu kakar amarya tana zaune a kujera, sai wata yarinya 'yar shekara shida a tsaye gefe. Kawu da ango duk farin kaya suka sa. Yaya da kaka da yarinya duk ankon atamfa ɗaya ne a jikinsu. Da wannan hoton za mu bi maganar har ƙarshe.

Farkon abin da ake rubutawa adadi ne da siffar tsayuwa, kafin a taɓa kowa: mutum shida, maza biyu, mata manya uku, yarinya ɗaya, layi biyu, huɗu a tsaye a baya, ɗaya a zaune da ɗaya a tsaye a gaba. Wannan jimla ce mai zane zai riƙa komawa yana ƙirga aikinsa da ita. Daga nan sai a ba kowa lamba, daga hagu zuwa dama, layin baya kafin na gaba, kuma lambar ba ta canzawa har a gama aiki. Na fi son a kwafi hoton a rubuta lambobin a kansa da alƙalamin da ke cikin waya, a tura tare da wanda ba a taɓa ba. Suna ba ya taimakon wanda bai san mutanen ba. Lamba da matsayi kamar "na 3, amarya" sun fi.

Hagu da dama kuwa sai an faɗi na wa ake nufi. Mutanen da ke cikin hoto suna fuskantarka, saboda haka damarsu tana hagunka. Ƙa'idar da masu rubuta bayanin hoto a jarida suke bi ita ce jeri ya kasance daga hagun mai kallo. Amma gaɓar jiki ta mai ita ce: in an ce carbi yana hannun dama na kaka, hannunta na dama ake nufi, wanda kai kake gani a ɓangaren hagu. A rubuta wannan a saman bayanin, jimla ɗaya, kada a bar mai zane ya yi ta canka.

Kafin ma a amince da hagu da damar hoton, a duba ko ba a juye yake ba, domin kyamarar gaba ta wayoyi da yawa tana ajiye hoto kamar madubi. In akwai rubutu a bango ko a kwalin ruwa, shi ke nan, in ya fito a juye hoton ma a juye yake. In babu, babbar riga tana ba da amsa: aljihunta da babban aikin da ke kewaye da shi a ƙirjin hagu na mai riga suke. Wanda ke fuskantarka da babbar riga, aljihunsa a damarka ya kamata ya bayyana. In ka gan shi a hagunka, hoton a juye yake, sai a gyara shi kafin a fara ba da lamba.

Tsawo shi ne inda aka fi yin sakaci. Ana rubuta "dogo", "gajere", "matsakaici", kalmomin da ba sa auna komai. Amarya doguwa ce a cikin ƙawayenta, amma kusa da ango fa? Wasu kuma sukan ba da santimita, wai ango 180 amarya 161, wanda yana da amfani in an tabbatar, sai dai mai zane ba da tef yake aiki ba, da ido yake kwatanta wannan kai da wancan. Hanyar da ta fi ita ce a zaɓi mutum ɗaya a mayar da shi ma'auni, yawanci wanda ya fi kowa tsawo kuma yake tsaye sosai, sai a faɗi inda saman kan kowa ya tsaya a jikinsa. A hotonmu ango ne ma'auni. Saman kan kawu yana daidai girar ango. Na amarya yana daidai bakinsa. Na yaya yana daidai ƙarshen hancinsa. Na kaka, da take zaune, yana ƙasan ƙirjinsa. Ka ga kowa ya sami layi, kuma layukan duk a jikin mutum ɗaya aka ja su, don haka ba za su yi karo da juna ba. In ka auna kawu da ango, ka auna yaya da amarya, ka auna amarya da kawu, kuskure kaɗan a kowane mataki zai taru ya zama babba.

A lura na ce saman kai, ban ce saman hula ko ɗankwali ba. Wannan bambanci a wajenmu ba ƙarami ba ne, tunda kusan ba a ɗaukar hoton biki kai babu komai. Doguwar hula zanna tana ƙara wa kawu abin da zai sa a gan shi kafaɗa da kafaɗa da ango. Gwaggwaron amarya ya kai girar ango, ita kuwa yaya ɗaurin ɗankwalinta a kwance yake. Wanda ya kalli hoton da sauri zai ce amarya ta fi yayarta tsawo, alhali yaya ce ta ɗara ta da kamar yatsu biyu. In mai zane ya bi saman ɗankwali, zai ɗaga fuskar amarya sama ya saukar da ta yaya, kuma duk wanda ya san su zai ji zanen bai yi daidai ba ko da ya kasa faɗin dalili. Maganinsa a ba da layi biyu ga duk mai abu a kai: inda idanunsa suke, da inda abin kan ya ƙare. Layin ido ba ya ƙarya. Idon yaya yana sama da na amarya kaɗan, a rubuta haka.

Sannan akwai abin da kyamara take ƙarawa da kanta. Wanda ya fi kusa da ita ya fi girma a hoto, kuma a waya abin ya fi fitowa saboda madubinta mai faɗin gani ne, mai ɗauka yakan matso kusa don kowa ya shiga. Waɗanda ke bakin hoto sukan ɗan baje, fuska ta yi faɗi. Kawu da yaya su ne a gefe biyu, don haka in kawu siriri ne a gaske amma hoto ya ba shi jiki, a faɗa. A kuma faɗi abin da ake so: a bi hoton yadda yake ko a gyara zuwa ainihin jikin mutum. Dukansu zaɓi ne mai kyau, abin da ba shi da kyau shi ne a bar mai zane ya zaɓa bai san ya zaɓa ba.

Layin gaba yana da tarko nasa. Tsohuwa a zaune kan kujera da yarinya 'yar shekara shida a tsaye kawunansu kusan wuri ɗaya suke kaiwa, ga su kuma da atamfa iri ɗaya. Nan ne ake samun yarinya ta fito da fuskar babbar mace, ko kaka ta koma ƙaramar yarinya mai tamoji. Abin da ke raba yaro da babba a zane ba tsawo ba ne, girman kai ne in an kwatanta da jiki. Masu koyar da zane suna auna jiki da tsawon kai: babban mutum kimanin kai bakwai zuwa bakwai da rabi, yaro mai shekara shida wajen kai shida, jariri wajen huɗu. Saboda haka dole shekarun yarinya su shiga bayani, a kuma ce a tsaye take ƙafafunta a ƙasa, kaka kuwa a zaune gwiwoyinta sun fito gaba. Kalmar "ƙarama" kaɗai ba ta isa ba, domin tana iya nufin shekaru tana iya nufin jiki.

Mu zo kan tufafi. Kuskuren da aka saba shi ne a bi kaya maimakon a bi mutane: a ce maza suna cikin fararen kaya da huluna, mata suna cikin atamfa da leshi da mayafai kore da ruwan hoda da ruwan ɗorawa. Jimlar gaskiya ce, amma ta zuba launi uku da mata uku a wuri ɗaya ba tare da an ce wanne na wacce ba. Kamar a jiƙa sabuwar atamfa da farar shadda a bokiti ɗaya ne, kowa zai fito da rinin ɗan'uwansa. Ƙa'idar ita ce a gama da mutum ɗaya kakaf, daga kai zuwa ƙafa, kafin a ambaci na gaba, kuma a bi tsari iri ɗaya ga kowa: wuri, shekaru, tsawo, fuska, abin kai, riga, hannuwa, abin da ya taɓa. Kalmomi irin su "su biyun", "dukansu", "ita ma haka" a cire su gaba ɗaya. In mutum uku sun sa atamfa ɗaya, a rubuta atamfar sau uku. Maimaici a nan ba aibi ba ne.

Anko shi ne jarrabawar. Manufarsa tun asali a ga mutane sun zama abu ɗaya, mu kuma muna so a gan su daban-daban ba tare da an canza musu kaya ba. Ba za a ce mai zane ya sauya launin atamfar yaya don a gane ta ba, iyalin ba za su yarda ba, kuma sun yi gaskiya. Abin yi shi ne a nemo wa kowa alama ɗaya da babu mai ita sai shi. Atamfa ɗaya ce amma ɗinki ya bambanta: yaya riga da siket, kaka riga da zane, yarinya doguwar riga. Abin rufa ya bambanta: yaya mayafi ruwan ɗorawa a kafaɗa, kaka babban farin mayafi da ya rufe kai, yarinya ƙaramin hijabi baƙi. Maza ma haka. Fari da fari ne, amma kawu babbar riga ce ta shadda mai faɗin hannu da aiki ruwan ƙasa, ango kaftani ne mai bin jiki da aiki fari a wuya. Ko farin ma ba ɗaya ba ne in an duba da kyau, na kawu ya karkata zuwa ruwan madara, na ango fari ne tas. In akwai irin wannan bambanci, a ambace shi, domin da shi mai zane zai ja iyaka a inda hannun babbar riga ya sauka a kan kaftani.

Launi kuma a faɗi na gaske, ba wanda hoto ya nuna ba. Farar shadda a inuwa tana ɗaukar shuɗi-shuɗi, a ƙarƙashin fitilar ɗakin taro tana komawa rawaya. Sunayen launi ma suna da faɗi: kore yana iya zama mai duhu kamar ganyen mangwaro ko mai haske kamar sabon tsiro. In yadin yana gida, a ɗauki hotonsa a hasken rana a haɗa da saƙon, ya fi dogon bayani.

Sai hannuwa, waɗanda kusan kowa yake mantawa da su. Mutum shida hannu goma sha biyu ne, amma a hotonmu takwas ake gani. In ba a faɗa ba, mai zane zai ƙirƙiro wa wani hannu ko ya ba wani na wani. Wurin da ya fi haɗari shi ne bayan kujerar kaka: hannun hagu na ango yana kan kujerar, hannun dama na amarya mai ƙunshi yana kusa da shi riƙe da bakin mayafi. Hannu biyu kusa da juna, ɗaya da lalle ɗaya da agogo. Duk inda jiki ya taɓa jiki ko wani ya kare wani, a rubuta wa ke gaba wa ke baya.

Ga yadda bayanin zai kasance in an haɗa shi:

Mutum shida, layi biyu. Jeri daga hagun mai kallo. Hannun dama da na hagu na mai jikin ne. Ma'aunin tsawo shi ne na 2. Hannuwa takwas ake gani.

Na 1, kawu, ƙarshen hagu a baya, tsaye. Dattijo mai kimanin shekara 65, siriri, farin gemu gajere, tabarau mai baƙin ƙarfe. Saman kansa daidai girar na 2, hularsa zanna ruwan ƙasa ta ɗan wuce kan na 2. Babbar riga ta shadda ruwan madara, aiki ruwan ƙasa. Hannun dama riƙe da sanda, na hagu a cikin riga ba a gani. Hannun rigarsa na hagu ya rufe gefen na 2.

Na 2, ango, na biyu daga hagu, tsaye, ya fi kowa tsawo. Shekara kamar 30, saje da ɗan gemu baƙi, idonsa babu tabarau. Gajeriyar hula ruwan toka. Kaftani fari tas. Hannun hagu a kan bayan kujerar na 5, da agogo, babu lalle. Na dama ba a gani.

Na 3, amarya, ta uku daga hagu, tsaye. Shekara kamar 23, doguwar fuska. Saman kanta daidai bakin na 2, gwaggwaronta ruwan hoda ya kai girarsa. Leshi ruwan hoda, mayafi shara-shara ruwan hoda. Hannun dama a ƙirji riƙe da mayafi, da baƙin ƙunshi. Na hagu ba a gani. Kan na 5 ya kare ta daga ciki zuwa ƙasa ta ɓangaren dama.

Na 4, yayar amarya, ƙarshen dama a baya, tsaye. Shekara kamar 32, zagayayyar fuska, wushirya. Saman kanta daidai ƙarshen hancin na 2, idonta sama da na na 3 kaɗan. Ɗankwali a kwance na atamfa kore mai zanen rawaya, riga da siket na atamfa kore mai zanen rawaya, mayafi ruwan ɗorawa a kafaɗa. Hannun hagu a kan kafaɗar hagu ta na 6. Na dama yana bayan na 3.

Na 5, kaka, zaune a kujera a gaba, tsakanin na 2 da na 3. Shekara sama da 70. Kanta daidai ƙasan ƙirjin na 2. Babban farin mayafi ya rufe kai da kafaɗu, riga da zane na atamfa kore mai zanen rawaya. Hannuwa biyu a cinya, carbi a na dama.

Na 6, yarinya mai shekara 6, tsaye a gaban na 4. Kanta ɗan ƙasa da ƙasan ƙirjin na 2, daidai kunnen na 5. Ƙaramin hijabi baƙi, doguwar riga ta atamfa kore mai zanen rawaya. Hannuwa biyu riƙe da 'yar jaka ja.

A dubi na 3 da na 4. 'Yan'uwan juna ne, suna kama, kuma kama ita ce ƙofar da fuska ɗaya take shigowa sau biyu. Shi ya sa aka ba kowacce abin da ya raba ta da 'yar'uwarta, siffar fuska da wushirya, ba abin da ya haɗa su ba. In da hali, kowa a tura hoton fuskarsa shi kaɗai, a sa wa fayil ɗin lambarsa. Kuma tunda hoton mata da yara ne zai je hannun baƙo, a nemi yardar masu shi kafin a tura.

Wannan bayani ya ishi mutum. Manhajar zana hoto kuwa tana da nata rauni, kuma sanin dalilinsa yana rage ɓata lokaci. A ɗauki Stable Diffusion, wadda aka saki a 2022. Nau'o'inta na farko suna karanta rubutu ta wani sashe mai suna CLIP, wanda ke ɗaukar guntayen kalma 77 kawai a zama ɗaya. Bayanin mutum shida irin na sama ya ninka haka sau da yawa. Bayan haka, ba ta riƙe rubutu a matsayin jadawali mai layin kowa daban. Kalmomin suna shafar juna, don haka "tabarau" da aka ambata kusa da namiji ɗaya yana iya sauka a kan duk namijin da ke hoton. Ƙirga ma ba ta ƙware a kai ba, an ce shida ta kawo biyar ko bakwai. Sababbin manhajoji sun fi iya bin doguwar jimla, amma matsalar raguwa ta yi, ba ta ɓace ba, kuma tana ƙaruwa da yawan mutane.

Akwai kuma dalili na girman fuska. Stable Diffusion ba a kan cikakken hoto take aiki ba, tana matse shi sau takwas ta kowane gefe. Hoto mai faɗin ɗigo 512 yana komawa gida 64. In mutum huɗu sun jeru a faɗin nan, fuskar kowa ba za ta wuce ɗigo 40 zuwa 50 ba, wato gida biyar ko shida. A cikin gida biyar babu wurin wushirya ko bambancin yaya da ƙanwa, shi ya sa fuskokin hoton taro suke fitowa iri ɗaya ko a murɗe.

Masu aikin sun daina dogara da rubutu shi kaɗai. Ana kafa wurin kowa da tsawonsa da ControlNet, wani ƙarin sashe da ake haɗa wa manhajar wanda ya fito a 2023, ta amfani da OpenPose da ke ciro ƙashin tsayuwar mutane daga hoton asali. A nan ma a duba sakamakon da ido, domin babbar riga da dogon mayafi suna ɓoye gwiwar hannu da ƙugu, sai ya ɓatar da gaɓa ko ya haɗa mutum biyu. Bayan an sami tsayuwa, sai a rufe mutum ɗaya a sake zana shi da `inpaint`, da bayaninsa shi kaɗai, a wuce na gaba. Bayanin da muka tsara mutum-mutum ya riga ya dace da wannan, sai dai a taƙaita shi. Na kawu zai zama kamar haka:

```
elderly slim man, short white beard, black glasses,
tall brown embroidered cap, wide cream robe, holding a cane
```

Abu ɗaya ya bambanta da rubuta wa mutum. Mai zane in ka ce masa ango babu tabarau, ya gane. Manhaja irin wannan tana iya ganin kalmar tabarau ta ɗora masa. Saboda haka a bayanin ango ba a ambatarsa ko kaɗan, sai dai a sa shi a akwatin `negative prompt`, inda ake rubuta abin da ba a so ya fito a hoton. Sunayen tufafinmu ma ba lalle ta san su ba, ya fi a kwatanta siffa: faɗin hannu, tsawon riga, inda mayafi ya sauka.

Ko mutum za a ba ko manhaja, akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. A karanta wa wani wanda bai ga hoton ba bayanin, a ba shi takarda ya zana da'ira a madadin kai da sanda a madadin jiki, ya rubuta launin kowa a ƙasa. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, nan bayanin ya yi rauni. Yawanci tambayar takan faɗo a kan kujera: kaka gaban wa take, gaban ango ko gaban amarya?

In zanen farko ya zo, kada a fara da duba kamannin fuska, ido yana saurin yarda da abin da yake so ya gani. A fara ƙirga kawuna, shida. A ƙirga hannuwa, takwas, kowanne a bi shi har kafaɗar mai shi. A ɗora takarda a kwance kan allo daidai girar ango a ga ko kan kawu ya tsaya nan, a saukar da ita bakinsa a duba amarya. Sannan a bi iyakokin nan uku da muka san suna da haɗari: tsakanin fari da fari, tsakanin hannu mai lalle da mai agogo, da inda atamfar yarinya ta haɗu da siket ɗin yaya, domin a nan zanen yadin yakan ci gaba daga jiki zuwa jiki har yarinyar ta zama kamar ɓangaren siket. In haka ta faru, ana roƙon mai zane ya ɗan sa inuwa a bayan yarinyar, ya kuma karkata zanen atamfarta ya saɓa da na siket.

Gyara ma da lamba ake aika shi, mutum ɗaya a layi ɗaya, tare da faɗin abin da ba za a taɓa ba. "Yaya ba ta yi kama ba" ba ya gaya wa mai zane komai. "Na 4: a ɗaga idonta sama da na na 3 kaɗan, a zagaye fuskar, a bar ɗankwali da mayafi yadda suke" aiki ne da zai iya gamawa a zama ɗaya ba tare da ya lalata amarya da ke kusa da ita ba.